Yadda Ake Gwada Amsar Inikwaliti da Lambobi Kafin a Miƙa Takarda

Akwai wani irin kuskure da ya fi kowanne ɓata mini rai idan ina makin takardun ɗalibai. Yaro zai yi aiki mai tsafta, layi bayan layi, ya kwashe lambobi zuwa inda ya dace, ya raba daidai, sai a layin ƙarshe ka ga bakin alamar yana kallon inda bai kamata ba. Ya rubuta x > −2 alhali amsar x < −2 ce. Lambar daidai take, amma duk lambobin da ya ce su ne amsa, babu ko ɗaya a cikinsu da ke amsa tambayar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Lissafin rashin daidaito, wanda a aji muke ce wa inikwaliti, yana da wani gata da ɗalibai ba su cika cin moriyarsa ba: kai da kanka kana iya makin takardarka kafin malami ya gani. Amsar da ka samu iƙirari ne, tana cewa lambobi kaza za su gaskata tambayar, sauran kuma ba za su gaskata ta ba. To sai ka ɗauko lamba ka saka a gurbin x ka gani da idonka. Abin da zan nuna a nan shi ne waɗanne lambobi ake ɗaukowa, a ina ake saka su, da yadda ake karanta abin da ya fito, domin gwajin da aka yi da ka yana iya tabbatar maka da amsar da ba daidai ba.

Inda alamar ke juyawa

Kafin gwaji, bari mu ga daga ina cutar take. Kowa ya yarda 200 ba ta kai 500 ba. Yanzu mayar da su bashi. Mutum ɗaya ana bin sa naira 200 a shagon unguwa, ɗaya kuma ana bin sa naira 500. Wa ya fi wani sauƙin hali? Mai bashin 200. Wato −200 ta fi −500, duk da cewa 200 tana ƙasa da 500. Da zarar ka ninka ɓangarorin biyu da lamba mai mainos, ko ka raba su da ita, babba ya koma ƙarami, ƙarami ya koma babba, dole alamar ta juya. Tarawa da debewa ba sa juya ta. Ninkawa ko rabawa da lamba mai fulos ma ba sa juya ta.

Kusan duk ɗalibin da ka tsayar a hanya zai karanto maka wannan doka ba gargada. Matsalar ita ce hannu ya saba da lissafin daidaito, inda alamar = ke zaune daram komai ka yi mata, sai hannun ya riga kai gaba a ɗakin jarrabawa. Shi ya sa nake ganin ƙara haddar dokar ba ya magani sosai. Abin da ke magani shi ne a samu wani bincike na daban a ƙarshen aiki, wanda bai dogara da ko ka tuna dokar ko ka manta ba.

Lambobi uku

Ga tambaya:

5 − 3x > 11

Ɗalibi ya debe 5 daga kowane ɓangare, ya samu −3x > 6. Ya raba da −3, ya manta juyi, ya rubuta x > −2. Mu ɗauka wannan ce amsar da ke gabanka, ba ka kuma san ko daidai ce ba.

Abu na farko, ja ɗan gajeren layi a gefen takarda, ka sa ɗigo a tsakiya ka rubuta −2 a ƙarƙashinsa. Wannan ita ce iyaka. Ka ja kibiya daga ɗigon zuwa ɓangaren da amsarka ta nuna, a nan dama ke nan, tunda lambobin da suka fi −2 suna dama da ita. Kada ka raina wannan zane. Da yawa suna zaɓar −5 a matsayin lambar da ta fi −2 saboda ido ya ga 5 ta fi 2, amma idan layin yana gabanka za ka ga −5 tana hagu.

Abu na biyu, gwada iyakar kanta. Saka −2 a cikin tambayar kamar yadda aka buga ta a takarda, ka lissafa hagu daban, dama daban:

hagu: 5 − 3(−2) = 5 + 6 = 11
dama: 11

Ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Haka ake so. A kan iyaka ne hagu da dama ke haɗuwa, don haka idan ba su zo daidai ba, lambar da ka samu ba ita ce iyakar gaskiya ba. A nan −2 ta tsira. Amma lura, wannan gwaji bai ce komai game da inda alamar ke kallo ba.

Abu na uku, ɗauko lamba daga cikin yankin da kibiyarka ta rufe. Sifili tana cikin x > −2, kuma babu lambar da ta kai ta sauƙin aiki, tana share duk wani abu mai x:

5 − 3(0) = 5

Shin 5 ta fi 11? A'a. Ga lambar da amsarka ta ce tana ciki, tambayar kuma ta ƙi ta. An kama ɓarawo.

Abu na huɗu, ɗauko lamba daga wajen yankin, misali −3:

5 − 3(−3) = 5 + 9 = 14

14 ta fi 11, gaskiya ne. Lambar da ka kora waje ita tambayar ke karɓa. Iyaka daidai, ciki ƙarya, waje gaskiya: wannan hoton ba shi da fassara biyu, alamar ce ba a juya ba. Gyara ta zuwa x < −2, sannan ka koma cikin aikinka ka nemo layin da ka raba da −3 ka gyara shi ma, domin a tambayoyin da ake rubuta aiki, mai maki yana bin layukan, ba amsar ƙarshe kaɗai yake dubawa ba.

Ka ga yadda na riƙa sa lambar a cikin baka duk lokacin da na saka ta? Da gangan ne. Idan ka rubuta 5 − 3 − 2 a maimakon 5 − 3(−2), ka shigo da sabon kuskuren alama cikin binciken da aka kawo don kama kuskuren alama. Buɗe baka a gurbin x tukuna, sannan ka zuba lambar a ciki da mainos ɗinta.

Dalilin da ya sa iyaka ba ta tsallakuwa

Yawancin waɗanda suka koyi gwaji sun koyi rabinsa ne: su ɗauki lamba ɗaya daga cikin amsa, su ga ta yi, su rufe littafi. Na taɓa ba ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare wannan tambaya a darasin yamma:

2 − 3(x − 4) ≥ 5

Wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai ta buɗe bakan kamar haka: 2 − 3x − 12 ≥ 5. Daga nan ta samu −3x ≥ 15, ta raba da −3, ta juya alamar yadda ya kamata, ta rubuta x ≤ −5. Na tsaya a kanta na ce ta gwada.

Ta ce, "Malam, ai na gwada. Har sau biyu ma."

Ta nuna mini gefen takardar. Ta saka −10, wadda ke cikin amsarta: 2 − 3(−14) = 44, kuma 44 ta fi 5. Ta saka 10, wadda ke waje: 2 − 3(6) = −16, ba ta kai 5 ba. Ciki gaskiya, waje ƙarya, komai ya zauna.

Na ce, "To saka mini −5 ɗin kanta."

Ta yi shiru tana rubutu. −5 a debe 4 ya ba ta −9. Sau −3 ya ba ta 27. A tara da 2, 29. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashirin da tara ne, ba biyar ba."

Kuskurenta yana wurin buɗe baka. −3 sau −4 fulos 12 ne, ita kuma ta rubuta mainos 12. Aikin daidai shi ne 2 − 3x + 12 ≥ 5, sai −3x ≥ −9, sai x ≤ 3. Amsarta ta kalli ɓangaren da ya dace, amma ta dasa iyakar a −5 maimakon 3, ta zubar da duk lambobin da ke tsakani. Lambobin gwajinta biyu kuwa sun yi nisa da wurin rikicin. −10 tana cikin amsar gaskiya da ta kuskure duka, 10 kuma tana wajen dukansu, don haka ba su da abin da za su tona. Kamar rikicin gona ne: maƙwabcinka ya matso da iyaka kunya goma cikin gonarka, kai kuma ka je can tsakiyar gonar ka tsaya ka ce ai nan tawa ce har yanzu. Gaskiya ka faɗa, amma ba can ake ci maka ƙasa ba.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, kowane gwaji da irin kuskuren da yake kamawa. Gwajin iyaka yana kama kuskuren buɗe baka, da na tsallakar da lamba ba a sauya mata alama ba, da na tarawa da rabawa. Gwajin ciki da waje yana kama alamar da ba a juya ba, ko wadda aka juya ba dalili. Ɗaya ba ya ɗaukar wa ɗaya aiki. Na biyu, idan za ka zaɓi lambar ciki da ta waje, zaɓi na kusa da iyaka, taki ɗaya hagu, taki ɗaya dama. Da yarinyar nan ta gwada −4 maimakon 10, da ta samu 2 − 3(−8) = 26, wadda ta fi 5 alhali amsarta ta ce −4 tana waje, da tuni ta farga.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan muhimmanci, shi ne inda ake saka lambar. Duba abin da zai faru da ta saka −5 a layinta na biyu maimakon tambayar asali: 2 − 3(−5) − 12 = 2 + 15 − 12 = 5. Daidai cif! Layin na biyu zai ba ta shaida cewa amsarta ta yi, saboda daga shi amsar ta fito, kuma kuskuren ya riga ya shige cikinsa. Layukan aikinka 'yan gida ɗaya ne da amsarka, ba za su ba da shaida a kanta ba. Koma kan takardar tambaya, ba ma abin da ka kwafa a littafinka ba, domin wani lokaci tun wurin kwafa ake yar da mainos.

Idan gwaji ya ce akwai kuskure, a wane layi yake?

Kada ka soke aikin duka ka fara daga farko. Hannun da ya yi kuskuren sau ɗaya yakan sake bin sawunsa. Akwai hanya mafi sauri: nemo lamba ɗaya wadda tambayar asali da amsarka suka yi saɓani a kanta, ka bi da ita ta kowane layi daga sama zuwa ƙasa. Idan aikin daidai yake, kowane layi zai ba da hukunci iri ɗaya da na samansa. Layin farko da hukuncin ya sauya, nan ɓarnar take.

A aikin yarinyar nan, sifili ta isa. Layi na ɗaya: 2 − 3(0 − 4) = 14, kuma 14 ≥ 5 gaskiya ne. Layi na biyu: 2 − 0 − 12 = −10, kuma −10 ≥ 5 ƙarya ne. Ba sai an ci gaba ba, tsakanin layi na ɗaya da na biyu abin ya faru, wato wurin buɗe baka. A tambayarmu ta farko kuwa, sifili za ta ba da ƙarya a 5 − 3x > 11, ƙarya a −3x > 6, sannan ta ba da gaskiya a x > −2. Nan take ka san layin rabawa ne.

Wani lokaci kuma gwajin ne da kansa ke da matsala. Idan x ba ta da sikwaya kuma ba ta ƙasan layin rabawa, kuma iyakarka ta ba da kunnen doki, to dole ɓangare ɗaya ya zama gaskiya ɗaya ya zama ƙarya. Idan ka samu gaskiya a hagun iyakar da damanta duka, ko ƙarya duka, sake lissafin gwajin, a nan ka yi tuntuɓe. Dalilin kuwa shi ne irin wannan lissafi tafiyarsa miƙaƙƙiya ce: a 5 − 3x, duk lokacin da x ta ƙaru da 1, jimlar tana raguwa da 3, ba ta taɓa juyowa. Abin da ke sauka ba tsayawa sau ɗaya tak zai ratsa 11. Shi ya sa a irin wannan tambaya lambobi uku suka wadatar.

Game da ko iyakar tana cikin amsa, duba alamar tambayar. Idan > ce ko <, kunnen doki bai gamsar da ita ba, 11 ba ta fi 11 ba, sai ka bar ɗigon a buɗe. Idan ≥ ce ko ≤, iyakar tana ciki, sai ka cike ɗigon. Juyi yana sauya inda bakin ke kallo ne kawai, ba ya ƙara ɗan layin ƙasan nan kuma ba ya cire shi.

Ga masu shirin JAMB ko takardar zaɓi ta WAEC da NECO, wannan dabara tana iya zama hanyar amsa gaba ɗaya idan lokaci ya ƙure. A ce an ba ka 7 − 2x ≥ 3x − 8, zaɓin kuma x ≥ 3, x ≤ 3, x ≤ −3, x ≥ −3. Saka sifili: 7 ≥ −8, gaskiya. Duk zaɓin da bai ƙunshi sifili ba ya faɗi, wato na ɗaya da na uku. Saura x ≤ 3 da x ≥ −3. Nemi lambar da ke cikin ɗaya ba ta cikin ɗayan, kamar 4: hagu −1, dama 4, ƙarya. x ≥ −3 ta ƙunshi 4, don haka ta faɗi. Ni dai na fi son ɗalibi ya warware sannan ya gwada, amma ba zan ɓoye cewa wannan yana aiki ba.

Idan iyaka ta zama biyu

Da zarar x² ta shigo, tafiyar ta daina zama miƙaƙƙiya, tana iya hawa ta sauko. Iyakoki sukan zama biyu, su yanka layin lambobi gida uku, kuma kowane gida yana buƙatar lambar gwajinsa. Ɗauki wannan:

6 + x − x² > 0

Mutane ba sa son ganin mainos a gaban x², sai su ninka komai da −1. Daidai ne, muddin an juya alamar: x² − x − 6 < 0, wato (x − 3)(x + 2) < 0. Wanda ya manta juyin zai ƙare da x < −2 ko x > 3.

Fara da iyakokin, a cikin tambayar asali. Saka 3: 6 + 3 − 9 = 0. Saka −2: 6 + (−2) − (−2)² = 6 − 2 − 4 = 0. Duka sun ba da sifili, iyakokin sun tabbata. Wannan mataki ne ke kama wanda ya musanya alamomin cikin baka ya rubuta (x + 3)(x − 2), domin idan ya saka 2 zai samu 6 + 2 − 4 = 4, ba sifili ba.

Sai gidaje uku. Hagu da −2, ɗauki −3: 6 − 3 − 9 = −6, ba ta fi sifili ba. Tsakiya, ɗauki 0: 6, ta fi sifili. Dama da 3, ɗauki 4: 6 + 4 − 16 = −6, ba ta fi ba. Tsakiya kaɗai ta yi, amsar ita ce −2 < x < 3. Wanda ya manta juyi, sifili kaɗai ta isa ta fallasa shi cikin daƙiƙa biyar.

A yi hattara da kalkuleta a nan. Idan ka danna `-3²` a irin kalkuletar kimiyya da ɗalibai ke riƙewa, −9 za ta ba ka, saboda tana yin sikwaya tukuna sannan ta liƙa mainos. Abin da kake nufi shi ne `(-3)²`, wanda ke ba da 9. Na sha ganin ɗalibi ya samu amsa daidai, ya gwada da kalkuleta ba baka, ya ga kamar bai yi ba, ya goge daidai ya rubuta kuskure. Wannan ya fi rashin gwajin ciwo.

Akwai masu gwada gida ɗaya su cike sauran da ka, wai ai alamomin karɓa-karɓa suke yi: ƙarya, gaskiya, ƙarya. Sau da yawa haka ne, amma gwada x² − 4x + 4 > 0 ka gani. Iyakarta ɗaya ce, 2. Sifili tana ba da 4, gaskiya. 3 tana ba da 9 − 12 + 4 = 1, gaskiya kuma. Lissafin ya sauko ya taɓa sifili a kan 2 ya koma sama bai ratsa ba, don haka amsar ita ce kowace lamba ban da 2. Gwada kowane gida bai fi layi ɗaya ba, a yi shi kawai. Haka nan mai ganin x² > 9 ya rubuta x > 3 ya tashi, da ya saka −4 ya ga 16 ta fi 9, da ya san ya bar rabin amsar a baya, wato x < −3.

Inda lambobi uku ke gazawa

Zan ƙare da tambayar da nake ba waɗanda suka fara jin sun gama ƙwarewa, domin tana nuna iyakar dabarar kanta:

(x + 1)/(x − 2) ≥ 2

Abin da hannu ke so shi ne ya ninka ɓangarorin biyu da (x − 2) don a rabu da layin rabawa. Sai a samu x + 1 ≥ 2x − 4, daga nan x ≤ 5. Mu gwada yadda muka koya. Iyaka, 5: 6 a raba da 3, 2 ke nan, kunnen doki. Ciki, 4: 5 a raba da 2, 2.5, ta fi 2. Waje, 6: 7 a raba da 4, 1.75, ba ta kai ba. Gwaji uku, duka sun wuce lafiya, kuma na kusa da iyaka muka ɗauka kamar yadda na ce a yi.

Amsar kuwa ba daidai ba ce. Saka sifili, wadda x ≤ 5 ta ce tana ciki: 1 a raba da −2, wato −0.5, ko kusa da 2 ba ta je ba.

Kuskuren alama ne wannan ma, sai dai ya ɓuya. Lokacin da aka ninka da (x − 2), ba a san ko fulos ce ko mainos ba, tunda ya danganta da x. Idan x ta fi 2, fulos ce, alamar ta zauna yadda take. Idan x ba ta kai 2 ba, mainos ce, ya kamata a juya, ba a kuma juya ba. Lambobin gwajinmu 4 da 5 da 6 duka suna ɓangaren da ninkawar ta halatta, shi ya sa ba su ga komai ba.

Gyaran shi ne a faɗaɗa ma'anar iyaka. Wurin da hagu da dama suka yi daidai iyaka ne. Wurin da ƙasan layin rabawa ya zama sifili shi ma iyaka ne, ko da bai fito a amsarka ba, domin a nan lissafin yana iya tsallakawa daga mainos zuwa fulos ba tare da ya bi ta kunnen doki ba. Duba shi kusa-kusa. A x = 1.9, sama 2.9, ƙasa −0.1, sakamako −29. A x = 2.1, sama 3.1, ƙasa 0.1, sakamako 31. Ɗan taki kaɗan, an tashi daga −29 an dira a 31. Don haka tun kafin ka fara warware irin wannan tambaya, kalli ƙasan layin, ka tambayi kanka wace lamba ce za ta mai da shi sifili, ka sa ta a kan layin lambobinka.

Yanzu ɗigo biyu ne a layin, 2 da 5, gidaje uku. Hagu da 2 mun gwada sifili, ƙarya. Tsakanin 2 da 5 mun gwada 4, gaskiya. Dama da 5 mun gwada 6, ƙarya. Saura hukuncin ɗigogin kansu, kuma a nan ba hukunci ɗaya suke ɗauka ba duk da alamar tambayar ≥ ce. 5 tana ciki, saboda ta ba da 2 daidai, alamar kuma ta yarda da daidai. 2 ba ta ciki, saboda saka ta yana nufin raba 3 da sifili, wanda ba shi da amsa. Ɗigon 2 a buɗe, ɗigon 5 a cike, sai ka rubuta 2 < x ≤ 5.